Ganawa ɗaya, wasiƙa uku: neman lokacin manya, baƙi da abokan aiki ta imel

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ban daɗe da kama aiki a wata ƙungiya mai harkar ruwan sha a Gombe ba. Wata jami'a daga masu ba mu tallafi za ta zo daga ƙasar Holan, aka ce in haɗa mata ganawa da Babban Sakataren wata ma'aikata, in kuma shirya ma'aikatanmu. Na rubuta imel ɗaya na tura wa kowa. Baturiyar ta tambaye ni me nake so ta yi, ofishin Babban Sakatare shiru, maigidana na wurin aiki kuma ya ce wasiƙar babu ladabi. Yaya zan riƙa auna girmamawa da sakin fuska gwargwadon wanda nake rubuta wa?

Amsa: Ƙanwata, barka kadai, ya ƙoƙari. Ki fara da raba wasiƙar nan gida uku, domin mutanen ba abu ɗaya kike nema a wurinsu ba. A wurin Babban Sakatare alfarma kike roƙo, a wurin baƙuwar ku daidaitawa kuke yi, ma'aikatanku kuwa sanar da su kike yi. Mutane da yawa suna ɗauka girmamawa a wasiƙa tana cikin tsawon gaisuwa da jera laƙabi. A wasiƙar sa lokaci ba nan take ba. Tana cikin wanda aka bar wa ikon zaɓar lokacin. Kina iya cika shafi da "ranka ya daɗe", amma muddin kika ƙare da cewa taro ranar Talata ne ƙarfe 10, to kin ba babba umarni, kuma haka zai karanta shi. Sakin fuska kuma wani abu ne daban da girmamawa. Wasiƙa tana iya cika ƙa'ida tsaf kuma mai karatu ya ji an damu da shi, wata kuma ta fara da Hi amma ta fi ƙanƙara sanyi. Saboda haka kowanne auna shi ake yi shi kaɗai.

Akwai abubuwan da ba sa canzawa ko wa kike rubuta wa: dalilin ganawar, ranar da kwanan watan, tsawon lokacin da za a ɗauka, wurin, waɗanda za su halarta, da abin da kike so mai karatu ya yi bayan ya gama karantawa. Abin da ke canzawa shi ne inda kowanne yake zama a cikin wasiƙar da irin harshen da ya ɗauko shi. Na san da Turanci za ki rubuta, amma zan ba ki misalan da Hausa, tsarin ne nake so ki ɗauka.

Baƙuwar za ki fara rubuta wa, ba don ta fi kowa ba, sai don ba ki da abin kai wa ma'aikata kafin ki san ranakun da za ta yi a Gombe. Mutanen Holan sun shahara da faɗin magana kai tsaye, kuma a wurin aiki suna saurin kiran juna da sunan yanka. Idan ta buɗe saƙo ta tarar da layi biyar na tambayar iyali da gajiya da fatan alheri, sannan buƙatar ta zo a ƙasa a lulluɓe cikin "idan babu damuwa", ba za ta ji an girmama ta ba, za ta ji an bar ta tana lalube. Gare ta, ladabi shi ne kada a ɓata mata lokaci. Buƙatarki ta hau layin farko, har ma ta fito tun a Subject. Misali:

"Ina shirya ganawarki da Babban Sakatare a makon da za ki zo Gombe. Ina so in kai wa ofishinsa ranakun Talata 14, Laraba 15 da Alhamis 16 ga Afrilu, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 1 na rana. Akwai wadda ba ta yi miki ba a ciki? Ki amsa mini kafin Juma'ar nan, saboda ma'aikatar tana buƙatar takarda kimanin mako biyu kafin ranar. Muna marmarin zuwanki."

Ki lura da wa'adin da ke ciki. Ba za ki taɓa sa wa Babban Sakatare wa'adi ba, amma ita taimako ne gare ta, musamman da kika haɗa shi da dalili. Sakin fuskar kuma jimla ɗaya ce a ƙarshe, ta isa. In kin san wani abu na gaskiya game da ita, kamar cewa ta yi jinyar ɗa a watan jiya, ambatonsa a layi guda ya fi gaisuwar da ake yi wa kowa.

Kada ki ɗauka duk Turawa haka suke. Bajamushe mai digirin digirgir yakan so a fara masa da laƙabinsa da sunan iyalinsa har sai shi da kansa ya sauke, Faransawa ma a wasiƙar aiki ta farko suna riƙe da Madame da Monsieur. Dabarar da ba ta ba ni kunya ita ce: a saƙon farko ki hau mataki ɗaya sama da abin da kike zato, Dear da laƙabi da sunan iyali, sannan ki duba yadda mutum ya sa hannu a amsarsa. In ya sa sunan yankansa kawai, ya ba ki izini, ki bi shi. In ya sa cikakken suna da muƙami, ki tsaya inda kike. Saukowa daga girmamawa abu ne mai sauƙi, komawa sama bayan an saba ne mai wuya.

Abu biyu kuma game da lokaci, tunda wataƙila za ku yi magana ta Zoom ko Teams kafin ta taso. Najeriya ba ta canza agogo, Holan tana canzawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, sauran watannin kuma agogonmu ɗaya. Wato a Afrilu, ƙarfe 10 na Gombe ƙarfe 11 ne a wurinta. Ki rubuta duka biyun, 10:00 WAT da 11:00 CEST, kada ki bar mata lissafin. Sannan ki riƙa rubuta sunan wata da haruffa. In kika sa 04/05, mu mun karanta 4 ga Mayu, Ba'amurke ya karanta 5 ga Afrilu, kuma ƙungiyoyin tallafi cike suke da mutanen ƙasashe daban-daban.

Yanzu ma'aikata, inda aikin yake. Shirun da kika ji ba lallai ne fushi ba, mai yiwuwa saƙon bai shiga ta ƙofar da ake shiga ba. A yawancin ma'aikatunmu imel shi kaɗai ba ya buɗe fayil. Takarda ce ke buɗewa: a kan takardar ƙungiya mai tambari, da sa hannun shugabanku, a kai ta hannu, a buga wa kwafinku hatimin karɓa da kwanan wata. Daga nan takardar ta hau teburin Babban Sakatare, ya yi rubutu a kai, sau da yawa ya tura wa daraktan da abin ya shafa ya ba da shawara, ta dawo. Wannan zagayen ne ya sa na ce mako biyu. Imel ɗinki rakiya ce ga takardar, kuma ga sakatarensa ko mataimakinsa na musamman za ki aika, da hoton kwafin mai hatimi a maƙale.

Sa hannun nan ma ki kula da shi, don ina jin a nan maigidanki ya ga rashin ladabin. A tsarin aikin gwamnati ana duba wa ya rubuta wa wa. Sabuwar ma'aikaciya ta rubuta wa Babban Sakatare kai tsaye da sunanta, ko da kalmominta zuma ne, an tsallake mataki. Ke ce za ki tsara wasiƙar, shugabanku ya sa hannu, sunanki da lambarki su zo a ƙasa a matsayin wadda za a tuntuɓa. Ita kanta wasiƙar ofishin ake rubuta wa, wato The Permanent Secretary da sunan ma'aikatar, a buɗe da Dear Sir ko Dear Madam. In za ki ambaci sunan mutum a imel, ki tabbatar da laƙabinsa daga takardar ofishinsa ko daga bakin sakatarensa. Injiniya ne, Dakta ne, Barista ne, yana sa mni, laƙabin waɗanda suka yi kwas ɗin manyan jami'ai a cibiyar Kuru, a bayan sunansa? Mutanenmu ba sa wasa da wannan, kuma ba laifinsu ba ne, wahala suka sha kafin su samu. Jikin wasiƙar zai yi kama da haka:

"Muna gaisuwa tare da godiya kan haɗin kan da ma'aikata take ba aikinmu na gyaran rijiyoyin burtsatse. Jami'ar ƙungiyar da ke tallafa wa aikin za ta kasance a Gombe daga Talata 14 zuwa Alhamis 16 ga Afrilu. Muna roƙon alfarmar Babban Sakatare ya ba mu minti 30 a duk lokacin da ya dace da shi cikin waɗannan ranaku, domin ta kawo gaisuwar ban girma, mu kuma gabatar da taƙaitaccen rahoton inda aikin ya kai. Mu huɗu ne za mu zo, sunayenmu da muƙamanmu suna haɗe. Idan uzuri bai bari ba, za mu yi farin cikin ganawa da duk wanda ya wakilta."

Dubi abin da wasiƙar ta yi. Ta bar masa zaɓin, amma ba ta bar shi a fili babu shinge ba. Da kin ce "duk lokacin da ya ga dama" kawai, sai a ba ku ranar da baƙuwar ta riga ta koma gida. Ranakun nan uku su ne wa'adin, ba tare da kin furta wa'adi ba. Ta faɗi minti 30, saboda babba yana saurin amincewa da abin da ya san ƙarshensa. Ta faɗi abin da za a yi, don kada ya yi zaton kuɗi ko sa hannu aka zo nema a gaban baƙuwa. Ta faɗi yawan mutane, abin da sakatare yake buƙata don kujeru da mai gadi. Jimlar ƙarshe kuma ta buɗe masa hanyar fita cikin mutunci. Manyanmu ba sa son cewa a'a a rubuce, in ba ki ba su wata hanya ba sai su yi shiru, ke kuma ki zauna jira. Gaisuwar kuwa layi ɗaya ce, kuma a kan aiki take. Babu tambayar iyali a takardar ofis ga wanda ba ki sani ba.

Inda za ki zuba sakin fuskarki shi ne wurin sakataren, domin littafin lokutan maigida a hannunsa yake. Shi kam ki gaishe shi sosai, ki kira shi Malam ko Hajiya ko yadda ake kiransa a ofishin, ki tambayi aiki da jama'a, in kun saba ki tambayi gida. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ban ga inda maganar ta fi zama daidai kamar teburin sakatare ba. Bayan kwana biyu ko uku da kai takarda, ki kira shi ko ki leƙa, ki tambaya ko takardar ta shiga, kuma wane lokaci ne maigida ya fi samun sarari. Zai gaya miki abin da ba a rubutawa: ranar da ake zaman shugabannin sassa, ranar da maigida zai tafi Abuja. Ki riga ki cire masa tsakar ranar Juma'a da lokacin azahar daga abin da kike nema, cikin azumi kuma ki nemi safiya.

Wani abu da ya shafi Gombe musamman. Kada ki ɗauka duk wanda ke jin Hausa sallama za ki buɗe masa da ita. Jihar tana da Kiristoci da yawa, musamman daga wajen Billiri da Kaltungo da Balanga, kuma suna kowane mataki na aikin gwamnati. In ba ki san mutum ba, "barka da aiki" da "Allah ya taimaka" suna shiga ko'ina. Sannan tunda ke mace ce mai rubuta wa maza manya, ki tsayar da sakin fuskar a kan aiki, ki aika saƙo a lokacin aiki. WhatsApp ɗin ƙarfe 10 na dare mai ɗauke da 'yan fuskokin dariya yana jawo fassarar da ba ki nufa ba.

Kayan aikin imel ɗin ma suna magana, ko da ba ki sa su ba. Kada ki tura wa babba gayyatar kalanda, irin wadda ke zuwa da Accept da Decline, kafin ya amince da baki ko a rubuce, don kamar kin shiga littafinsa kin rubuta da hannunki ne. Haka ma mahaɗin Calendly, wanda ke cewa mutum ya shiga ya zaɓa daga lokutan da ke kika ware: tsakanin tsara abu ne mai kyau, baƙuwarku ma ba za ta ga komai ba, amma ga Babban Sakatare ya juya al'amarin, ya zama shi ne mai bin layi. Ita kuwa baƙuwar, da zarar an tsayar da rana ki tura mata gayyatar kalandar, in ba haka ba a wurinta taron bai tabbata ba. Sai CC. In kika tuna wa darakta wata magana kika sa maigidansa a CC, ƙararsa kika kai, ko da kin fara da Gentle reminder. Kuma ranar da dole ta sa ki haɗa mutane a saƙo ɗaya, ki jera sunayen daga babba zuwa ƙarami, akwai masu dubawa.

Ki koyi karanta amsa ma. Idan ofishin ya rubuto Noted, an gani ne kawai, ba a amince ba. Idan sakatare ya ce "in sha Allah, ku zo Laraba", magana ta yi kyau, amma ki nemi ƙarfe nawa, ki mayar masa da ita a rubuce: "Kamar yadda muka yi magana, za mu iso Laraba 15 ga Afrilu ƙarfe 11 na safe, mun gode." Ki sake kira ana gobe. Ga baƙuwar kuma kada ki rubuta cewa an tabbatar alhali ba a tabbatar ba, don ita za ta ɗauki kalmar da nauyinta. Ki gaya mata gaskiya: ofishin ya ba da Laraba da safe, za a sake tabbatarwa ana gobe, kuma ta bar sararin awa ɗaya bayan lokacin ko da za a yi jira. Wannan bayanin ba tona asirin gida ba ne, yana hana ta ɗaukar jiran a matsayin wulaƙanci.

Alamun cewa kin yi kuskuren awo ba su da wuyar ganewa. Wanda ya saba rubuto miki da sauƙi ya koma sa cikakken muƙaminsa a ƙasa: kin yi saurin sabo. Amsar saƙonki ta biyo ta wurin shugabanku maimakon ta zo gare ki: kin tsallake mataki. Baƙo ya amsa da tambayar abin da kike ganin kin riga kin faɗa: kin binne buƙatar a cikin ladabi. Na ƙasa da ke ya kira ki a waya murya na rawa yana tambaya ko lafiya: saƙonki ya yi gajarta kuma babu dalili a ciki.

Wannan na ƙarshen ya kawo mu ga ma'aikatanku, waɗanda aka fi yi wa sakaci. A nan ke ce mai faɗin lokaci, ba sai kin roƙa ba, amma a nan ne aka fi buƙatar sakin fuska, don saƙo daga ofishin shugaba yana zuwa da nauyinsa. "Ka zo ofis ƙarfe 4" yana iya hana mutum cin abincin rana. Ki faɗi dalili da abin da za a zo da shi: "Barkanmu da aiki. Za mu zauna Litinin 13 ga Afrilu ƙarfe 10 na safe a ɗakin taro, minti 45, don shirya zuwan baƙuwarmu. Masu kula da rijiyoyi su zo da alƙaluman watan jiya. Wanda yake da fita ranar ya sanar da ni mu san yadda za a yi." Kuma ki tuna muƙami daban, shekaru daban. Direban da a shekaru ya haife ki, ko ma'ajin da ya yi shekara da shekaru a wurin kafin ki zo, a takarda suna iya zama ƙasa da ke, amma ba a aika musu saƙon da ake aika wa ɗan bautar ƙasa. Ki kira shi Baba ko Malam, ki ce "don Allah", in ma da hali ki taka ki faɗa masa da baki, saƙon ya biyo baya don tuni.

In ziyarar ta haɗa da gaisuwa wurin hakimin yankin da rijiyoyin suke, wannan ba aikin imel ba ne. Takarda ake kaiwa ta hannun magatakardansa, a tura mutum mai shekaru daga cikinku ya nemi iso, a kauce wa ranar kasuwar garin, shi kuma ya faɗi lokacin da za a same shi.

Saura ranar da lokaci ya tashi, don yakan tashi. In ma'aikata ce ta ɗaga, ko da ana saura awa biyu, amsarki gare su godiya ce da tambayar sabon lokaci, tare da tuna musu a hankali cewa baƙuwar tana gari zuwa Alhamis. Ga baƙuwar, layi uku: abin da ya faru, sabon lokacin ko yaushe za ki san shi, da abin da za a yi da sararin da aka samu, misali a kai ta ganin rijiya. Ban haƙuri ɗaya ya isa, in kika jera biyar za ta zaci wani babban abu ne ya lalace. In kuwa daga ɓangarenku matsalar take, jirgi ya makara ko hanya ta hana, to ba imel za ki fara yi ba. Shugabanku ya kira ofishin da kansa ya ba da haƙuri, ke ki kira sakataren, sannan saƙo a rubuce ya biyo baya a ranar, yana roƙon wani lokaci cikin ranakun da suka rage.